Takardar Izinin Amfani da Motar Ƙungiya

Ƙungiyar gama kai ta manoman rani, Kura, Jihar Kano
Lambar takarda: 14 ta shekarar 2025
Ranar rubutawa: Litinin, 10 ga Nuwamba, 2025

Sakataren ƙungiya ne ya rubuta wannan takarda da amincewar Shugaba, kuma ta shafi tafiya ɗaya ce kawai. An yi ta kwafi biyu, ɗaya ya zauna a ofis, ɗaya ya kasance cikin mota tare da takardunta har ta dawo.

1. Wanda aka ba izini da abin da aka ba shi

An ba Malam Habibu, malamin gona na ƙungiya, mai lambar ma'aikaci 07, izinin tuƙa motar ƙungiya ta biyu, wato farar Toyota Hilux ƙirar 2016 mai shan fetur. Sakatare ya ga lasisinsa na tuƙi, aji B, wanda wa'adinsa bai ƙare ba, an kuma ajiye hotonsa a fayil.

Dalilin tafiyar shi ne halartar horon malaman gona a Samaru, Zariya, da ɗauko irin shuka da ƙungiya ta riga ta biya kuɗinsa a wurin dillali a can. Za a tashi ranar Talata, 11 ga Nuwamba, da ƙarfe 7 na safe, a dawo ranar Alhamis, 13 ga wata, kafin ƙarfe 5 na yamma. Hanyar da aka amince da ita ita ce titin Kano zuwa Zariya, daga Kura ta Kwanar Ɗangora da Tashar Yari. Mutum biyu ne za su shiga tare da shi: Malama Rabi, jami'ar sashen mata, da Isiyaku mai kula da sito.

Malam Habibu, daga nan zuwa ƙasa kai ake yi wa magana.

2. Iyakokin izinin

Kai kaɗai aka ba sitiyarin nan. Ba a yarda ka miƙa shi ga kowa ba, ko ɗan'uwanka ne, ko abokin aiki, ko da ya fi ka daɗewa a tuƙi. In rashin lafiya ta kama ka a hanya, ka tsaya a wuri mai tsaro ka kira Sakatare, ofis ne zai turo wani direba da sabuwar takarda.

Mitar mota tana kan kilomita 148,320 a yau. An ba ka kilomita 400 na zuwa da dawowa da zirga-zirgar cikin Zariya, saboda haka kada mita ta wuce 148,720 ranar dawowa. Izinin bai kai Kaduna ba, bai kai Funtuwa ba, bai kuma haɗa da ratsewa wani gari don gaisuwa ko biki ba. Idan wata larura ta taso da za ta sa a canza hanya, sai an sami amincewar Shugaba ko Sakatare ta saƙon waya a rubuce kafin a juya kan mota.

Ba tafiyar dare. Ƙarfe 6 na yamma ta same ka ka riga ka ajiye mota a cikin harabar masauki mai maigadi, kuma ba za ta sake fita ba sai gari ya waye. Wannan sharaɗi ba shi da togaciya. Lokacin hunturu ne, hazo kan rufe titi da sassafe, ga manyan motoci a wannan hanya ba dare ba rana. Idan aiki ya ja har yamma ta yi ranar Alhamis, ku kwana, ƙungiya za ta biya kuɗin masauki na ƙarin dare ɗaya. Mun fi son ku iso a makare da lafiyarku.

Kada gudu ya wuce kilomita 80 a awa a kan babban titi, da 50 a cikin gari. Kowa ya ɗaura bel, har wanda ke kujerar baya. Ba amsa waya kana tuƙi. Ba tuƙi bayan shan wani abu mai gusar da hankali ko maganin mura mai sa barci.

Kaya kada su wuce buhu 12 masu nauyin kilo 50, a ɗaure su a rufe da tamfol. Ba wanda zai hau bayan mota.

Abin da muka fi jaddadawa shi ne haya. Ba a ɗaukar fasinja ko lodin wani don kuɗi, haka ma kyauta, ko da bayan mota fayau yake a hanyar zuwa. Mun san yadda abin yake: mutum ya tsaya a bakin hanya da buhunansa, wataƙila ma ɗan ƙungiya ne ko surukin wani, ya ce a rage masa hanya, kunya ta hana a ce a'a. To ga takarda, ka nuna masa ka ce ofis ne ya hana. Inshorar motar nan ta ɗaukar kayan ƙungiya ce, ba ta haya ba, kuma in wani abu ya faru da mutumin da sunansa ba ya cikin wannan takarda, rigimar za ta faɗo kan ƙungiya da kai kanka.

3. Mai da kuɗin hanya

An ba ka mota da tanki cike, lita 80. Ma'aji ta ba ka naira 50,000 don ka sake cika tankin kafin ka miƙa ta, da naira 15,000 na ko-ta-kwana, kamar faci ko ƙarin baƙin mai. A sha mai a gidan mai, a karɓo rasit. Ba a sayen na bumburutu. Duk gyaran da ya haura naira 15,000, kada bakanike ya taɓa sai ka kira ofis.

4. Alhaki: wa zai biya me

Ka karanta wannan sashe da kyau, domin a nan ne aka taɓa samun saɓani. Bara wata motarmu ta dawo da fasasshiyar fitila da lotsattsen gefe, ba a rubuta komai ba kafin ta fita, aka kwashe wata biyu ana ja-in-ja tsakanin mutanen da suke sallah a masallaci ɗaya. Tun daga lokacin kwamiti ya yanke cewa makulli ba zai bar ofis ba sai an sa hannu a kan waɗannan sharuɗɗa.

Inshorar da ke kan motar ita ce wadda doka ta wajabta, mai biyan ɓarnar da aka yi wa wani. Bisa tsarin da Hukumar Inshora ta Ƙasa ta fara aiki da shi ranar 1 ga Janairu, 2023, irin wannan inshora ta motar da ke ɗaukar kayan mai ita tana biyan ɓarnar dukiyar wani har zuwa naira miliyan 5. Ba ta biyan ko sisi a kan gyaran motarmu. Duk abin da ya lalace a jikinta daga kuɗin 'yan ƙungiya zai fito, waɗanda suke tara shi kaka bayan kaka.

Saboda haka ga yadda aka raba:

Ƙungiya ce ke da alhakin lalacewar da ta zo daga tsufa ko amfani na yau da kullum, kamar birki, batir, taya ko lagireto. Haka nan haɗarin da ya faru kana kan hanyar da aka amince, cikin lokacin da aka amince, kuma bincike ya nuna ba laifinka ba ne. Idan fashi ko ƙwace ya rutsa da ku, ku ba da makulli, kada kowa ya yi gardama a kan mota. Ba za a tambaye ka kuɗinta ba.

Idan kuskure ne irin na ɗan'adam, misali ka goga wa katanga wajen ja da baya, za ka biya kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin gyara, amma kasonka ba zai wuce naira 40,000 ba.

Idan ɓarnar ta faru ne bayan ka karya ɗaya daga cikin iyakokin sashe na 2, wato ka ba wani tuƙi, ko ka yi tafiyar dare, ko ka ɗauki haya, ko ka bar hanya ba izini, to kuɗin gyaran gaba ɗaya a kanka yake, kwamiti kuma zai duba batun ladabtarwa daban.

Tara ta laifin tuƙi, daga Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ko 'yan Karota ko wata hukuma, kai za ka biya. Tarar da ta samo asali daga takardun mota ko lafiyarta ta ƙungiya ce. Ba a yarda ka ba kowa na goro a shingen bincike da sunan ƙungiya ba, kuma ba za a mayar maka da irin wannan kuɗi ba.

Ba za a cire maka ko kwabo daga albashi ba sai kwamitin mutum uku ya zauna, ya ji ta bakinka da ta abokan tafiyarka, ya kuma ga ƙiyasin bakanike biyu. Ƙungiya ta ɗaure kanta da ƙa'idar sashe na 5 na Dokar Ƙwadago: za a nemi amincewar jami'in ƙwadago a rubuce kafin a yanki albashi saboda asara, kuma jimillar abin da za a yanka a wata ɗaya ba zai wuce kashi ɗaya cikin uku na albashin watan ba.

5. Idan haɗari ya faru

Allah Ya kiyaye. In ya faru, a fara da ceton rai, a kai wanda ya ji rauni asibiti mafi kusa. Lambar agajin Hukumar Kiyaye Haɗurra ita ce 122, ta gaggawa ta ƙasa kuma 112. Sannan ka kira Sakatare cikin awa ɗaya, ka ɗauki hotunan wurin da lambar ɗaya motar, ka kai rahoto ofishin 'yan sanda mafi kusa. Kada ka amsa laifi ko ka yi alkawarin biyan diyya a bakin titi, komai matsin jama'a. Ka ce motar ƙungiya ce, shugabanni na nan tafe. Ƙungiya za ta biya kuɗin magani na farko na duk wanda sunansa ke cikin takardar nan, ba tare da jiran sakamakon bincike ba.

6. Sharuɗɗan dawo da mota

An duba motar yau a gabanka, an same ta da safaya, jak, sifanar taya, abin kashe gobara, alamar gargaɗi mai kusurwa uku, tamfol da igiya, da takardunta na asali guda huɗu: lasisin mota, shaidar inshora, shaidar lafiyar mota da shaidar mallaka. Akwai tsohon ƙarce a ƙofar baya ta hagu da ɗan tsagi a madubin dama. An rubuta su a nan don kada a ɗora maka.

Ranar dawowa ka kawo ta harabar ofis kai tsaye. Ba ta kwana a ƙofar gidanka. A sauke iri a sito, Isiyaku ya ƙirga ya sa hannu, a wanke mota, a cika tanki. Ka miƙa wa Sakatare makulli hannu da hannu, tare da takardu, rasitai, canjin kuɗi da littafin tafiya da ka cika. Kada a bar makulli a wurin maigadi. Za ku zagaya motar tare da Sakatare da sauran hasken rana, a karanta mita, a rubuta abin da aka gani. Duk wata ƙara ko matsala da ka ji a hanya ka faɗa, ko da ƙarama ce, domin wani ne zai hau ta bayanka.

Kilomitar da ta haura 400 ba tare da izini ba, za ka biya naira 250 a kan kowace ɗaya. Kayan da ya ɓace daga cikin waɗanda aka lissafa, ka maido irinsa cikin kwana 7. Alhakinka yana sauka ne daga lokacin da Sakatare ya sa hannu a littafin karɓa.

7. Amincewa

Ni Habibu, malamin gona, na karanta wannan takarda, an kuma yi mini bayanin abin da na tambaya. Na karɓi motar a matsayin amanar 'yan ƙungiya, na yarda da iyakokin da rabon alhakin da ke sama, ba tare da an tilasta mini ba.

Mai karɓa: Malam Habibu, ya sa hannu ranar 10 ga Nuwamba, 2025
Mai miƙawa: Malam Ado, Sakatare, ya sa hannu ranar 10 ga Nuwamba, 2025
Mai amincewa: Alhaji Garba, Shugaba, ya sa hannu da hatimin ƙungiya
Shaida: Hajiya Ladi, Ma'aji, ta sa hannu

Za a miƙa makulli ranar Talata da ƙarfe 6:45 na safe a ofishin Sakatare.