Zuwa ga Yaya Musa

Assalamu alaikum. Ya iyali, ya kasuwa?

Sau uku ke nan ban gan ka a wurin atisaye ba, kuma na ga saƙonka cewa ka gaji, abin ba ya tafiya. Shi ya sa na buɗe littafin awonka.

Ka fara da kilo 94. A mako biyar ka sauko 89, sai sikeli ya tsaya cak har mako uku. Amma ƙugunka, daidai cibiya, ya tashi daga santimita 104 zuwa 99, kuma biyu daga ciki sun tafi ne a makonnin nan da kake cewa ba a yi komai ba. Ranar farko tsugunnawa da miƙewa sau takwas ta sa ka dafa bango kana haki. Yanzu kana yin goma sha biyar da ƙarfen kilo 8 a hannu.

Saurin saukar farko, wani ɓangarensa ruwa ne jiki ya zubar. Sannan jikin da ya ragu ba ya ƙona abinci kamar da, don haka cin da ya rage ka a kilo 94 yanzu riƙe ka yake yi. Ga shayi kuma. Ka ce kofi uku kake sha a shago, kowanne da sukari ƙaramin cokali uku da madara. Sukarin kaɗai ya kusan kalori 150 a rana. Babban cokali ɗaya na mai a kan shinkafa da wake kusan 120 ne. Waɗannan ba sa cika ciki, shi ya sa mutum ba ya lissafa su.

Mako biyu masu zuwa mu sassauta: kwana uku maimakon biyar, Litinin, Laraba da Asabar, minti 40. Zan ƙara maka ƙarfe zuwa kilo 10, ka yi sau goma, zagaye uku, domin jikinka ya saba da na da. Sauran ranakun tattaki na minti 30 bayan Asuba.

Shayi kofi biyu, cokali ɗaiɗai. Tuwo malmala ɗaya, a yawaita ganye a miya, a haɗa da kifi, ƙwai biyu ko wake. Kada ka tsallake abincin rana. Wanda ya yi haka da dare yake ramawa. Ka ajiye waya ƙarfe goma, barcin awa biyar yana ƙara yunwa.

Sikeli kuma sau uku a mako kawai, da safe bayan ka zaga, kafin karyawa. Matsakaicin mako za mu duba. Rabin kilo a mako ya wadatar.

Ina jiranka ranar Litinin ƙarfe shida da rabi. Ka zo da tef ɗin awo. Idan gwiwar nan ta hagu tana damunka, ka faɗa mini kafin mu fara.

Wassalam,
Ƙaninka, Koci Aminu