Taƙaitaccen bayanin imel ɗin komawa siton Dawanau

Hajiya barka da dawowa, ya hanya, Allah ya karɓi ibada. Na ga Malam Sani ya saka ki cikin imel ɗin nan jiya da daddare, saƙo 47 ne wallahi kar ki wahalar da kanki, rabi duk musu ne kan abu ɗaya. Na karance su daga farko, ga inda aka kwana zuwa yau Litinin 6 ga Oktoba.

Tushen maganar dai kin sani, hayar siton Sharaɗa za ta ƙare 31 ga wata kuma mai wajen ya ƙara kuɗi, shi ne aka ce a koma Dawanau tunda dama can muke sayen yawancin riɗin, motocin Maigatari ma ba sai sun ratsa cikin gari ba.

Abubuwan da aka riga aka yanke:

1. An ɗauki babban siton na bakin hanyar Katsina, ba ƙaramin na cikin kasuwa ba. Ƙaramin ya fi araha da miliyan biyu amma tirela ba ta iya juyawa a ƙofar, Isa ya je da direba sun gwada sai da aka yi kusan awa ana baya-baya. Hoton yana saƙo na 12.
2. Haya miliyan 9 a shekara, shekara biyu, za a biya ta farko yanzu.
3. Kwashe kaya Asabar 18 da Lahadi 19, tirela uku. Buhunan riɗi 1,400 za su fara tafiya, zoɓo daga baya.
4. Tsohon sikeli ba zai bi mu ba, za a sayar a sayi sabo.
5. Masu gadi mutum biyun nan su za a tafi da su, an ƙara musu kuɗin mota.

To ga waɗanda ba a gama ba, na farkon shi ne mai zafi.

Harajin haya. Hauwa akanta ta ce dole a cire kashi 10 na haraji daga kuɗin haya kafin a biya, wato dubu ɗari tara, mai sito kuma ya ce shi miliyan 9 ɗinsa cif yake so a hannu. In mu za mu ɗauki harajin to hayar ta koma miliyan 10 kenan a takarda. A nan ne imel ɗin ya yi tsawo, daga saƙo na 20 har na 38 ana ta kai da kawowa, kuma Malam Sani ya rubuta "shikenan an gama" a na 35 shi ya sa wasu suka ɗauka an daidaita, amma ba a daidaita ba, ya dai gaji ne, mai siton bai amsa ba har yanzu. Lauya ba zai fitar da yarjejeniya ba sai an faɗa masa adadi. Wannan naki ne Hajiya, kuma mai wajen ya ba mu zuwa Juma'a 10 ga wata, wai akwai masu citta da ke nema. Ni a ganina ki kira shi da kanki, dattijo ne, imel ɗin ma ɗansa ke karanta masa, ƙila a raba harajin biyu.

Sai wuta. Janareta za mu ɗauko ko sola za a saka, Isa ya kawo farashi daga mutum biyu, ana jiran na uku ranar Laraba. Ba gaggawa.

Inshora: tamu sunan Sharaɗa ne a jiki, ba wanda ya taɓo maganar sai Hauwa a saƙo na 41 kuma ba wanda ya ba ta amsa. In kaya suka koma ba a canza adireshi ba, Allah ya kiyaye gobara, ba mu da bakin magana. Ba a ɗora wa kowa ba tukuna, in kin yarda ni zan bi.

Feshin sito kafin a zuba kaya kowa ya ce a yi amma ba rana ba mai yi, ga shi akwai alamar ɓera ta bayan ƙofa, na gani da idona.

'Yan dako ma suna tambaya ko da su za a koma ko na can za a ɗauka, Malam Sani ya ce sai kin dawo.

In za ki buɗe wani abu ki buɗe na 12, 33 da 41 kawai, lissafin Hauwa yana na 33. Ina ofis har ƙarfe biyar in kina so in hawo da fayil ɗin.

Sadiya