Tsarin Ajiye Kwafin Lissafin Shago a Faifai Biyu

Zuwa ga Kawu, da Malam Akawu, da duk wanda zai riƙe kwamfutar shago idan Malam ba ya nan.

Kawu, ga tsarin da ka ce in rubuta kafin in koma Zariya. Na buga guda biyu, ɗaya a liƙa a jikin bango kusa da kwamfuta, ɗaya ka ajiye a gida.

A yanzu duk lissafin shagon nan wuri ɗaya yake, cikin kwamfutar da ke kan teburin Malam: cinikin kullum, kayan da suka shigo da waɗanda suka fita, bashin da ake bin mu, da wanda muke bin mutane. Na ƙarshen nan ya fi damuna. Idan fayil ɗin ciniki ya ɓace, an yi asarar tarihi. Idan na bashi ya ɓace, kuɗi ne suka tafi, don ba kowane mai karɓar kwalin taliya da buhun sukari ne zai zo da ƙafarsa ya ce ga abin da ke kansa ba.

Abin da za a riƙa kwafa

Na tattara komai a folda ɗaya, `C:\Lissafi`. A ciki akwai `Ciniki.xlsx`, `Kaya.xlsx`, `Bashi.xlsx`, sai foldar `Banki` mai ɗauke da bayanan asusu na wata-wata da na na'urar cirar kuɗi, da foldar `Rasit` inda ake zuba hotunan rasitan dillalai. Malam, don Allah daga yau duk abin da ya shafi kuɗi a cikin foldar nan zai zauna. Wanda aka bari a `Desktop` ko `Downloads` ba zai shiga ajiya ba, kuma ba wanda zai lura sai ranar da aka neme shi. Hotunan rasit da dillalai ke turo maka a waya su ma a riƙa sauke su nan kafin a tashi.

Duka foldar ba ta kai MB 400 ba. Faifan ajiya guda biyu da muka saya, masu jonawa a jikin kwamfuta, kowanne TB 1 ne, saboda haka ko kullum aka kwafe ta ɗungurungum, kwana shida a mako, abin da za ta ci a shekara bai wuce GB 125 ba. Wuri ba zai zama matsala ba.

Ja da Kore

Na naɗa wa ɗaya jan salatif, ɗayan kore, da waɗannan sunaye za mu riƙa kiran su. Kowane mako ɗaya yana shago yana aiki, ɗayan yana gidan Kawu. Doka ɗaya ce ba a taɓa ta: kwamfuta da Ja da Kore ba za su taɓa haɗuwa wuri ɗaya ba, ko da na awa guda ne.

Na san Malam ya ce faifai ɗaya ma ya isa. Ya isa idan kwamfutar ce ta mutu ita kaɗai. Amma wanda ya fasa shago da dare, durowar da faifan yake ciki ita zai fara buɗewa. Wuta kuma ba ta zaɓe. Kawu ya fi ni sanin abin da gobarar kasuwar Sabon Gari ta Kano a watan Maris na 2016 ta yi wa shaguna. Duk littafin da ya kwana a ciki, ya tafi tare da kayan. Faifan da ke kwana a shago yana maganin lalacewar na'ura da kuskuren hannu ne kawai. Na gida shi ne maganin gobara da ɓarawo da ruwan da ke bi ta rufi a watan Agusta.

Ga yadda canjin zai kasance, kuma a kula da jerin, don a nan ake tuntuɓe. Ranar Alhamis da yamma, bayan an yi kwafin ranar, Kawu zai tafi gida da faifan shago. Daren nan faifan biyu suna gida, kwamfuta tana shago, ba laifi. Ranar Juma'a da safe sai ya taho da ɗayan. Abin da ba a so shi ne a kawo na gida da safe a ce za a tafi da na shago da yamma, domin yinin ranar duka ukun suna ƙarƙashin rufi ɗaya. Idan Kawu ya yi tafiya, ranar Alhamis Malam ya kai faifan gida ya ba Inna hannu da hannu, Juma'a da safe ya biya ya karɓi ɗayan. Ba a ba yaran shago wannan aike, ba don rashin yarda ba, sai don sunan duk mai bashi da adadin kuɗinsa suna ciki.

Canjin mako-mako yana da farashi, gara in faɗa. Idan, Allah ya kiyaye, shagon ya ƙone daren Laraba, abin da ke gida na Alhamis ɗin da ta wuce ne, an rasa lissafin kwana biyar ko shida ke nan. Canjin kullum ya fi tsaro, amma na san mu, ba za mu kai wata muna yi ba. Na zaɓi wanda zai ɗore. Sai dai daga mako biyu kafin azumi zuwa bayan ƙaramar sallah, lokacin da bashi ya fi fita, a riƙa canji sau biyu, Litinin da Alhamis.

Aikin kowace yamma

Wannan na Malam ne, bayan an rufe lissafi, kuma bai kai minti biyar ba. A fara rufe Excel gaba ɗaya, don abin da ba a adana ba tukuna ba zai shiga kwafin ba. A jona faifan, a buɗe shi, a danna `ajiye.bat` sau biyu. Na sa shi a cikin Ja da Kore duka, ga abin da ke ciki ko da wani zai buƙaci sake rubuta shi:

```
@echo off
for /f %%d in ('powershell -NoProfile -Command "Get-Date -Format yyyy-MM-dd"') do set RANA=%%d
robocopy "C:\Lissafi" "%~d0\Ajiya\%RANA%" /E /R:1 /W:2 /XF ~$*
pause
```

Baƙin allo zai fito, rubutu ya yi ta gudu, sannan ya tsaya a kan ɗan jadawali. A duba ƙarƙashin `FAILED`. Idan 0 ne daga sama har ƙasa, an gama. Idan wani adadi ne, kada a cire faifan, a ɗauki hoton allon a turo mini.

Kowace rana tana samun foldarta mai kwanan wata, kamar `2025-11-06`. Da gangan na yi haka. Da sabon kwafi yana hawa kan tsoho, to ranar da hannu ya goge layi ashirin a `Bashi.xlsx` ba a sani ba, da yamma za a kwafi ɓarnar a binne mai kyau. Yanzu kuwa sai a koma foldar shekaranjiya a ɗauko. Saboda haka idan wani gwanin kwamfuta ya zo ya ce a ƙara `/MIR` a kwafa duk a folda ɗaya don ya fi sauri, a ce masa an gode. Wannan umarni yana goge duk abin da babu shi a kwamfuta daga cikin faifan ma.

Bayan nan a danna alamar `Safely Remove Hardware` da ke ƙasan allo ta dama, a jira ta ba da izini, sannan a zare. A sa faifan a jakarsa, a kulle a durowar ƙarfe. Ba a barin sa a jone da rana, ballantana ya kwana. Akwai bairos mai kulle fayiloli ya nemi kuɗin fansa, irin WannaCry da ya tsayar da aiki a asibitocin Birtaniya a watan Mayun 2017, kuma ire-irensa suna bin duk faifan da suka tarar a jone su kulle shi tare da kwamfutar. Wanda ke cikin durowa ba sa iya kai masa. Idan wata rana aka ga fayiloli sun ƙi buɗuwa, sunayensu sun sauya, kada a jona Ja ko Kore a wannan kwamfuta ko kaɗan. A kashe ta, a kira ni.

Maganar wuta: idan ta NEPA tana rawa, ko ana shirin komawa kan janareta, a dakata sai ta zauna. Idan ta ɗauke ana tsakar kwafi, a sake danna `ajiye.bat` bayan ta dawo. Su kansu faifan, irin masu juyawa a ciki ne, faɗuwa daga kan tebur tana iya kashe su, musamman suna aiki. Kada a ɗora su a kan janareta ko a bar su cikin mota a rana, kuma lokacin hunturu a riƙa rufe jakar saboda ƙura.

A bayan wannan takarda na ja layuka: kwanan wata, Ja ko Kore, sa hannu. Kawu, ka riƙa leƙawa ranar Alhamis kafin ka karɓi faifan. Ba sai ka san kwamfuta ba kafin ka ga layin da babu sa hannu.

Gwaji

Kwafin da ba a taɓa buɗewa ba, kamar buhu ne da aka saya ba a soka ba. Ana dai kyautata zato. Asabar ta farko a kowane wata, Malam zai buɗe `Bashi.xlsx` daga foldar jiya a cikin faifan, ya zaɓi mutum uku, ya gwada adadinsu da abin da ke littafin hannu. Ya buɗe hoton rasit ɗaya da bayanin banki ɗaya, ya tabbatar suna karantuwa. Asabar mai bi mata a maimaita da ɗayan faifan, tunda shi zai kasance a shago. A rufe ba tare da an gyara komai ba. Gyara a kwamfuta ake yi, ba a cikin ajiya ba. Kawu ya zauna a gwajin farko, ya ga yadda ake ɗauko fayil da idonsa.

Littafin bashi na hannu kada a daina shi tukuna.

Share tsofaffi

Ba a goge komai sai ya shekara. Bayan shekara, a bar foldar ranar ƙarshe ta kowane wata, a share sauran. Waɗannan na ƙarshen wata a riƙe su aƙalla shekara shida, wa'adin da dokar kamfanoni ta 2020 ta ɗora wa kamfanoni na adana bayanan lissafi. Ko ba don hukuma ba, dillali kan taso da maganar shekara uku baya. Faifan da ya fara ƙara kamar ana ƙyasta ƙarfe, ko ya riƙa ɓacewa daga allo, a saya masa magaji a makon, a kwafe na ɗayan a cikinsa, a naɗa masa salatif irin na wanda ya maye.

Abu biyu suka rage da ke jiran amincewar Kawu. Na farko ƙaramin batirin da ke riƙe kwamfuta idan wuta ta ɗauke. Na biyu kulle faifan da kalmar sirri ta BitLocker, wanda kwamfutar shago za ta iya tunda Windows 11 Pro ke kanta. Ban kunna ba saboda yana fitar da lambar ceto mai alƙaluma 48, kuma idan aka manta kalmar aka kuma ɓatar da lambar, babu mai iya buɗewa, har ni. Idan ka yarda, za mu buga lambar a takarda ka ajiye ta tare da takardun gida.

Za a fara da Ja yau da yamma. Kore yana cikin jakarka da cikakken kwafi, Kawu, ka tafi da shi yanzu idan za ka azahar.