Jawabi ga magidanta a sashen tazarar haihuwa: yadda ake sa kwaroron roba da abin da ke sa ya fashe ko ya sulluɓe

Assalamu alaikum. Iyayena da 'yan'uwana, sannunku da zuwa, mun gode da kuka bar kasuwa da gona kuka amsa kiranmu a safiyar Asabar. Mun sallami mata da yara daga wannan ɗaki don mu yi magana tsakaninmu maza, kuma zan kira komai da sunansa. Dattawan da ke gaba, ku yi mini afuwa, sha'anin lafiya ne.

Dalilin zuwan kowa daban. Wani iyalinsa na da goyo, suna son ta huta kafin wani cikin. Wata allura ko ƙwaya ba ta karɓe ta ba, sai aka dawo kan maigida. Akwai kuma waɗanda gwaji ya nuna ɗayansu na ɗauke da ciwon hanta nau'in B ko ƙwayar cutar ƙanjamau, ɗayan kuma lafiyarsa ƙalau. Duk kun karɓi kwaroron roba a nan, kuma ƙorafin da ya fi dawo mana shi ne wai robar ba ta da ƙwari. Kafin a saki robar da ke da lambar NAFDAC a kasuwa, sai an gwada ƙwarinta da rashin huji. Idan ta fashe, yawanci wani abu ne ya same ta tsakanin aljihu da shimfiɗa. A lissafin masana lafiya, cikin ma'aurata 100 da suka yi shekara suna amfani da ita daidai a kowace saduwa, kimanin 2 ne ke samun ciki. Yadda mutane suka saba amfani da ita kuwa, da mantuwa da kurakurai, adadin yana kai wa 13. Wannan tazarar ce ta tara mu yau.

Mu fara da ajiya. Zafi yana kashe roba, kuma kun san yadda Afrilu take a garin nan, ma'aunin zafi ya haura 40. Direbobi da masu Keke, kada ku bar ta a aljihun gaban mota. Kada a cusa ta a walat a zauna a kanta wata da watanni, kada a ajiye a taga inda rana ke duka. Durowa ko ƙasan akwatin kaya a ɗaki ya wadatar. Kafin ka buɗe, duba inda aka rubuta EXP a jikin ledar, wata da shekarar da za ta daina aiki ke nan. In lokacin ya wuce, jefar. Sannan ka ɗan matsa ledar da yatsa biyu, ga shi kamar yadda nake yi. Za ka ji 'yar iska a ciki tana turo yatsanka. Idan ta lafe babu iska, ledar ta huje. Haka in ka buɗe ka tarar da robar ta bushe, ko tana danƙo tana manne wa yatsa, ɗauki wata.

Wajen buɗewa, tura robar gefe ɗaya a cikin ledar, ka yaga daga bakin da ke da zara-zara. Ban da haƙori, ban da reza ko almakashi. A kula da farce da zobe, naka da na uwargida.

Yanzu ku dubi wannan itacen gwaji da ke hannuna. Ana sa roba ne bayan gaba ya miƙe sosai, kuma kafin ya taɓa jikin mace ko kaɗan. Da yawa sukan fara saduwa haka nan, sai sun ji sun kusa kawowa su tsaya su sa. Wannan kuskure ne babba, domin maziyyi, ruwan nan da ke riga maniyyi fitowa, yana iya ɗaukar ƙwayar cuta, yana kuma iya ɗaukar ƙwayoyin haihuwa.

Robar tana da fuska biyu. Ɗora ta a kan yatsa ka gani: naɗin bakinta ya kasance a waje, yadda za ta warware ƙasa cikin sauƙi. In ka ɗora ta a kan gaba ta ƙi sauka, ka sa ta a baibai. Kada ka juya ta ka ci gaba, don fuskar da ta taɓa jikinka ita ce za ta shiga jikin iyalinka. Jefar da ita ka buɗe sabuwa. Kuma kada ka warware ta gaba ɗaya tukuna sannan ka ja ta kamar safa, a jikin gaba ake warware ta.

Ga wurin da na fi so ku riƙe. Kun ga wannan ɗan tsinin da ke samanta? Ma'ajiyar maniyyi ce. Matse shi da babban yatsa da manuni ka fitar da iskar, kana riƙe da shi, ɗaya hannun kuma ya warware robar har gindin gaba. In aka bar iska a ciki, ko aka ja robar ta ɗame a kan kaciya babu sarari, to lokacin da maniyyi ya fito ba shi da wurin zama, a nan take fashewa. In kuma aka tsaya a rabi ba a kai ta ƙasa ba, sulluɓewa za ta yi.

Sai maganar mai, wadda a ganina ita ce ta fi yi mana ɓarna a nan. Yawancin robar da muke rabawa daga ruwan itacen roba ake yin ta, kuma mai yana cin ta cikin 'yan mintuna, tun ido bai ga alama ba. Basilin, man kaɗanya, man gyaɗa, man ja, man zaitun, man kwakwa, man shanu, man shafawa na jiki, man jarirai, duk kada ɗaya ya kusance ta. Har hannun da aka shafa mai da shi a wanke kafin a taɓa ta. Wasu magungunan matsi da likita ke rubuta wa mata saboda ƙaiƙayi ma suna da maiƙo, don haka in iyalinka na kan irin wannan magani, ku tambaye mu ko mai kemis, ko ku haƙura har ta gama.

Na san abin da ke kai mutum ga basilin: bushewa. Kuma bushewar ita kanta tana yaga roba saboda gurzuwa. Mai shayarwa jikinta yakan rage ni'ima, haka halitta take a lokacin goyo, ba ƙin miji ba ne, kada a zarge ta. Maganinsa biyu ne. Na farko, kada a yi gaggawa, a yi wasa har jikinta ya saki. Na biyu, akwai man santsi na ruwa da aka yi musamman don wannan, irin su K-Y Jelly, ana samu a kemis, mu ma muna bayarwa idan akwai. A shafa a bayan robar bayan an sa ta. Kada a cika shi a cikinta, zai sa ta zame. Sannan ina roƙonku ku yi magana da iyalanku kan kayan matsi da ake cusawa don a ƙara tsukewa. Suna busar da wurin, suna jawo 'yan tsage-tsagen da ido ba ya gani, roba ta yage, cuta kuma ta sami ƙofa.

Wani yakan ce bari ya sa biyu don ya fi samun kariya. Kada a yi. Suna gugar juna, ɗaya ta ja ɗaya. Haka ba a haɗa ta maza da ta mata a lokaci ɗaya. Roba ɗaya, saduwa ɗaya. In za a sake, sabuwa. Ba a wanke ta a maimaita. In saduwa ta yi tsawo, a riƙa kai hannu ana dubawa ko tana nan daidai, in ta bushe a ƙara man santsi ko a sauya.

Girma ma yana da tasiri. Wadda ta matse da yawa tana saurin fashewa, wadda ta yi yawa tana fita. Wanda ta gwamnati ba ta yi masa daidai ba ya gwada wani nau'in, ba abin kunya ba ne. Wanda kuma yake jin ƙaiƙayi, ja ko kumburi duk lokacin da ya sa, shi ko iyalinsa, ya zo ya same ni, akwai waɗanda jikinsu ba ya son ruwan itacen roba, kuma ana yin wata iri da ba da shi ba.

Yawancin sulluɓewa a ƙarshe take faruwa. Mutum ya kawo, ya kwanta yana hutawa bai fita ba, gaba ya saki, robar ta yi sako-sako, maniyyi ya zubo ta gefe ko a bar ta a ciki. Da zarar ka kawo, tun gaba na miƙe, kama bakin robar a gindi da yatsunka, ka janye a hankali kana riƙe da ita. Sai ka matsa gefe ka zare, ka ƙulle bakin, ka dube ta ko ta yage. Naɗe ta a takarda ko leda ka jefa a masai na rami ko can cikin shara. Ban da masai na ruwa, tana toshe bututu. Kuma don Allah kada a yar inda yara za su tsinta su hura.

To in duk da haka ta fashe fa? In ka ji a tsakiyar saduwa, tsaya nan take ka sauya. In ta maƙale a ciki, kada hankali ya tashi, ba ta da hanyar wucewa mahaifa. Uwargida ta tsuguna ta zaro da yatsa mai tsabta, in ta kasa ku zo, ungozomarmu za ta cire. Ta wanke waje kawai, kada ta ɗura ruwa ko sabulu ko wani haɗi a ciki. Don gudun ciki akwai ƙwayar gaggawa irin Postinor-2, ana so a sha da wuri, cikin awa 72. Jinkirta fitar ƙwai take yi, ba ta zubar da cikin da ya riga ya shiga, kuma mai shayarwa na iya sha. In ɗayanku na da ƙwayar ƙanjamau, ko ba ka san matsayin wadda ka sadu da ita ba, akwai maganin kariya da ake kira PEP. Dole a fara shi kafin awa 72 ta cika, a sha kwana 28, kuma zuwa a ranar ya fi jiran gobe. Masu ciwon hanta a gida, ku kawo iyalan da gwajinsu ya fito lafiya a yi musu allurar rigakafi, har da abokiyar zama in akwai.

Gaskiya ɗaya da ya kamata ku sani: roba tana kare wurin da ta rufe ne. Tana aiki sosai kan ƙanjamau da ciwon sanyi, amma gyambon tunjere ko ƙuraje da suka fito a matse-matsi ko maraina na iya kamawa ta fata. Wanda ya ga gyambo, ƙuraje ko fitar ruwa ya dakata da saduwa, su zo tare a duba su a yi musu magani lokaci guda.

Ga itacen gwaji, ga roba a kwali, kyauta ne. Kowa zai fito ya sa sau ɗaya da hannunsa ina kallo, za mu fara daga layin baya. Wanda tambayarsa ta fi ƙarfin taro ya same ni a ɗakin da ke kusa da wurin awo bayan mun tashi, ina nan har azahar.