Sanarwar Sauya Wurin Karatun Asabar

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Iyayenmu, malamanmu da sauran 'yan uwa maza da mata na majalisin karatun Risala da ke Mabera, kwamiti na sanar da ku cewa daga Asabar mai zuwa karatu ya tashi daga masallacinmu, ya koma harabar makarantar Islamiyyar da ke bayansa, layi na biyu, kusa da rijiyar burtsatse. Lokaci yana nan yadda aka saba, daga bayan Magariba zuwa Isha'i, kuma a can za a yi sallolin biyu cikin jam'i.

Dalili ba ɓoyayye ba ne. Duk wanda ya zauna a sahun baya a daminar bara ya ga yadda ruwa ke bin bango, har sai da muka naɗe darduma biyu, muka jera bokitai a tsakar masallaci ana cikin karatu. Kafinta ya hau ya duba, ya ce katakan rufin gara ta cinye su, kwanon kuma ya yi tsatsa. Dattawa suka ce a kware shi yanzu tun hadari bai fara haɗowa ba. Ana sa ran aikin zai ɗauki mako shida in Allah ya yarda.

Wasu sun ba da shawarar a dakata har a gama. Da muka kai wa Malam maganar, Allah ya ƙara masa lafiya, bai amince ba, don yana tsoron in aka watse mako shida, ba kowa ne zai dawo ba. Ni ma abin da ke raina ke nan. Mun kammala babin jana'iza, ga shi za mu buɗe babin azumi, bai dace littafi ya rufe a nan ba.

Iyaye mata, an ware maku aji biyu masu ƙofa ta gabas, an sa lasifika a ciki, ba za ku yi cuɗanya da maza wajen shiga ko fita ba. Maza a fili za mu zauna, don haka mai tabarma ya riƙo abarsa, dardumar da ke akwai ba za ta isa ba. An tanadi kujeru goma domin tsofaffi masu ciwon gwiwa, matasa don Allah a bar masu.

Layin yana da ƙunci. Masu motoci su ajiye a bakin titi su tako, babura kuma a jera su jikin katanga, kada a tare wa maƙwabta ƙofa. 'Yan uwan da ke zuwa daga Gawon Nama da Minannata, ku ce wa mai kabu-kabu ya sauke ku a masallacin da kuka saba, 'yan agaji na nan za su nuna maku hanya.

Akwai dattawan da ba su riƙe babbar waya. Wanda ke da irinsu a gida ko maƙwabta, ya taimaka ya faɗa masu da baki kafin Juma'a.

Allah ya saka wa hukumar makarantar da alheri, da ta ba mu wuri ba tare da karɓar ko sisi ba.

Wassalam.

Sakataren kwamiti, a madadin Malam da dattawan majalisi.