Taƙaitaccen Bayanin Ruwa: Kwalbatin Hanyar Kasuwa, Bukuru, Jos

Jos na samun ruwan sama wajen milimita 1,400 a shekara, mafi yawansa a Yuli da Agusta. Amma ba jimillar shekara ke cika kwalbati ba, mamakon sa'a guda ne.

Filin da ke zubo ruwa nan, wato A, hekta 12 ne, rabi duwatsu, rabi gidaje da gonaki; mun ɗauki C = 0.6, wato kashi 60 cikin ɗari na ruwan saman ne ke gangarowa. Ruwa kan iso cikin minti 20, mun ƙaddara ƙarfin ruwan saman, wato i, milimita 120 a sa'a. Yawan ruwan da zai bi ta kwalbatin a kowace daƙiƙa, wato Q, shi ne:

```
Q = CiA/360 = 2.4 m³/s
```

Mun zaɓi gina kwalbatin da zai iya ɗaukar ambaliyar da kan dawo sau ɗaya cikin shekara 25. Ta shekara 10 ta fi araha, sai dai unguwar na cika da gine-gine, shara kuma na toshe magudanai.