Gwajin Kemistiri na ƴan lesin SS2, Agege: daidaita ikweshon

Salamu alaikum yarana. Tunda ruwan jiya da gosulo sun hana rabinku zuwa, musamman ƴan Mile 12, ga gwajin nan kowa ya yi a gida, minti 20 ya isa, kuma don Allah banda kwafa.

Kafin ku fara, ga yadda za ka duba amsarka da kanka ba sai ka dame ni da "Malam na ci?" ba. Ja layi a tsakiyar takarda, hagu da dama, ka jera sunan kowane sinadari sai ka ƙirga atom ɗinsa: babbar lambar gaba sau ƙaramar lambar ƙasa. Misali

N₂ + 3H₂ → 2NH₃

N: hagu 2, dama 2×1 = 2. H: hagu 3×2 = 6, dama 2×3 = 6. Shikenan ta zauna. Dalili kuwa dokar Lavoisier ce, atom ba ya ɓata ba ya ƙaruwa, abokin zama kawai yake canzawa.

In akwai baka kamar Ca(OH)₂, wannan 2 ɗin na waje ya hau kan duk abin da ke ciki, wato O 2, H 2, nan ne kuke yawan zubar da maki wallahi.

1. H₂ + O₂ → H₂O
Wanda ya mayar min da H₂O ya koma H₂O₂ wai don oksijin ya daidaita, sifiri ne, wannan ba ruwa ba ne kuma, wani sinadarin ka haɗa. Lambar ƙasa ba a taɓa ta, a gaba ake ƙari.

2. CH₄ + O₂ → CO₂ + H₂O

3. Fe + O₂ → Fe₂O₃. Wanne ne daidai?
A. 2, 3, 1
B. 4, 3, 2
C. 2, 1, 1
D. 4, 6, 2

4. Ca(OH)₂ + HCl → CaCl₂ + H₂O

5. Wani ya rubuta 2Al + 3HCl → 2AlCl₃ + 3H₂ yana ta rantsuwa daidai ne. Ƙirga ka faɗa min sinadaran da ba su daidaita ba, sannan ka gyara masa.

6. C₄H₁₀ + O₂ → CO₂ + H₂O
Wannan yana cikin gas ɗin da ake girki da shi a gidajenku. Fara da C, sai H, ka bar O ƙarshe, in ka ga rabi ya fito kar ka tsorata, ninka komai sau biyu kawai. Maki 5 ne ita kaɗai, sauran maki 3 kowacce, jimla 20.

Kowace amsa ina son ganin ƙirgenta a ƙasa, wanda ya kawo lambobi tsirara rabin maki zan ba shi ko da ya ci. A kawo ranar Asabar ƙarfe 10.